Layi Huɗu a Falon Hajiya Balaraba

Wata huɗu Nabila ta yi tana bin aikin nan na wata ƙungiyar agaji. Jarabawa a kwamfuta, ganawa ta bidiyo, wata ganawar ido da ido, sannan ƙungiyar agajin ta kira mutum biyun da suka tsaya mata. Ranar Litinin takardar ɗauka ta shigo wayarta: jami'ar kula da magunguna, a amsa kafin ƙarfe huɗu na Juma'a. Ta yi guɗa a tsakar gida. Sai a shafi na biyu ta ga wurin aikin. Ba cikin Sakkwato ba ne. Can gabashin jihar ne, za ta riƙa raka motar magani ƙauyuka sau biyu a mako, a hanyar da aka tare motar maƙwabcinsu Jelani bara, har yau ba labarinsa.

Tun daga nan tsoro ya kama ta. Abinci ya ƙi shiga. In waya ta yi ƙara sai gabanta ya faɗi.

Amma akwai wadda take tsoro kusan kamar hanyar: Hajiya Balaraba, tsohuwar shugabar ma'aikatan jinya, wadda ta horar da ita, ta kuma sa hannu ta tsaya mata. Hajiya ba ta tsaya wa kowa. In ta janye hannunta daga kanka, to ka nemi wata sana'ar. Mu kuwa mun san halinmu: ba mu iya ce wa babba a'a. Sai mu ce in sha Allahu, mu kashe waya, mu ɓace. Kwana uku Nabila tana raya wannan dabarar a ranta, kunya ta hana ta.

Ranar Juma'a da hantsi ta hau keke napep zuwa gidan Hajiya a Ƙofar Atiku. Ta durƙusa ta gaida Hajiya, ta miƙa mata wayar da abin da ta rubuta. Shafi guda cur na ban haƙuri, a tsakiyarsa kuma: maigidana bai amince ba.

Hajiya ta gyara tabarau. "Lawali na yah hana ki?"

Nabila ta sunkuyar da kai. "A'a, Inna. Cewa ya yi in yi abin da nis so."

"To mi kinka laƙa mai? Kowace ta ji tsoro sai ta ɓoye bayan miji. Ki rubuta wanga, gobe su ce matan aure na Sakkwato ba su tsayawa aiki, su bar kiran mu. Hwaɗi gaskiya. Mi ad dalili?"

"Tsoro ni ka ji, Inna." Hawaye suka zubo mata. "Wallahi tsoron hanyag ga ni ka ji."

Ta jira faɗa. Faɗan bai zo ba. Hajiya ta miƙo mata wayar.

"Goge duka," in ji ta. "Ba kuka sunka tambaye ki ba, amsa sunka tambaya."

Nabila na bugawa, Hajiya na yankewa. Abin da ya rage layi huɗu ne. Ta gode musu da lokacin da suka ba ta da kuma zaɓen ta da suka yi. Bayan ta yi nazari, ba za ta iya karɓar aikin ba, saboda yanayin tsaro a hanyoyin da ake bi. Tana sanar da su ne kafin wa'adi ya cika domin su samu kiran wani. Tana yi musu fatan alheri, kuma in gurbi ya samu a cikin gari za ta so a tuna da ita.

"Aika."

Ta aika. Ba a yi rabin awa ba amsa ta dawo daga ofishin ɗaukar ma'aikata: sun gode, sun fahimta, za su tuntuɓi wanda ke biye da ita.

Nabila ta sauke numfashi irin wanda ta yi kwana huɗu ba ta sauke ba. "Inna, ba ki yi hushi da ni ba?"

"Ban yi ba. Tashi ki tai, kin yi daidai."

Tana saka takalmi a bakin ƙofa ta ji waya na ƙara a ɗakin ciki. Aka ɗauka, aka yi magana ƙasa-ƙasa da Turanci, sai ga Zainaba, autar Hajiya, ta fito a guje ba ko ɗankwali.

"Inna! Sun kira! Wadda ag gabana ta janye, ni sunka ba aikin!"

Nabila ta juya. Hajiya ba ta yi mamaki ba ko kaɗan, kuma a nan Nabila ta gane tun farko ta san wa ke biye. Tana zaune inda take, tabarau a hannu, idonta a kan autarta da yanzu za ta riƙa bin hanyar nan.