La'asar a Kan Inji

Da bakinta Auta ta ɗauki alkawarin, babu wanda ya matsa mata. Ranar da likita ya ce ƙodar mahaifinta ta gaza, sai an riƙa wanke masa jini sau uku a mako, tsohon bai tambayi ko da zafi ba. Abu ɗaya ya tambaya.

"Yaushe za su sake ni?"

"Biyar da rabi, Baba. Ka yi Azahar a gida, su ɗora ka a kan inji ɗaya da rabi, ka dawo ka tarar da La'asar tana jiranka."

"Kin tabbata?"

"Na yi maka alkawari."

Kuma ba ƙarya ta yi ba. Lokacin zafi ne, kuma garin da aiki ya kawo ta yana can ƙuryar arewacin duniya, inda rana kan yi naci a sama kamar baƙon da ya ƙi tafiya. La'asar ba ta shiga sai wajen biyar da rabi, Magariba kuwa sai tara ta wuce. Baba Ladan, wanda ya tsufa yana kiran salla a masallacin unguwarsu kafin ciwo ya sa ta ɗauko shi, har dariya ya riƙa yi. Ya ce ranar ƙasar nan ba ta da iyaye, shi ya sa ba ta san lokacin komawa gida ba.

A inda ya fito, idan an ce "bayan La'asar" kowa ya san nufi. Ƙasarsu kusa take da tsakiyar duniya, duk shekara La'asar ba ta wuce tsakanin uku da rabi zuwa huɗu. Auta ta daɗe a nan, ta fi kowa sanin cewa wannan lissafin ba ya ci a garin nan. Sani ta yi, ta ture shi gefe, don so take a sa masa allurar wankin jinin ya rayu.

Sannu a hankali rana ta fara janye jiki. Kujerar Baba a ɗakin wankin jini tana kallon taga, kusa da injin da ke tsotsar jininsa ta wani siririn bututu ya mayar ta wani. Mako bayan mako yana ganin hasken yana sauka a jikin ginin da ke tsallaken titi. Da farko yakan fito rana na nan. Daga baya ya fara tarar da ita ta yi ja. Da sanyi ya kankama, aka kuma mayar da agogon ƙasar baya da awa ɗaya, sai ya zama a cikin duhu suke fitowa.

Wata rana da babu asibiti, Auta ta dawo daga kantin maganin da take aiki ta tarar ya jera mata cokula a kan daɓen falo. Ya tsayar da sandarsa a bakin ƙofar gilashi tun da hantsi, yana bin inuwarta.

"Zo ki gani," ya ce. "Nan inuwa ta daina raguwa, zawali ke nan, sha biyu ma ba ta cika ba. Duba tsawonta! Tsakar rana, amma ta ninka sandar har ta kusa bango, don ranar ko tsakiyar sama ba ta hawa, gefe-gefe take bi. Daga nan na ƙara tsawon sandar sau ɗaya. Da inuwa ta taɓa cokalin can, La'asar ta shiga. Biyu saura. Kafin huɗu rana ta faɗi."

Auta ta dubi cokulan.

"Wato La'asar takan shigo ta fita ina kwance da jinina a waje yana yawo. Ina alkawarinki?"

"Baba, ni na riƙe ranar?"

"Ba ki riƙe rana ba, amma kin san halinta. Ni baƙo ne."

Maganar ta soke ta, don gaskiya ce.

Daga nan rigima ta tashi. Da ya ga rana ta fara ja, sai ya kira nas ya nuna mata allura da hannu, a cire. Mara lafiya na da ikon cewa a cire, aka riƙa cirewa, wanki bai kai rabi ba. Yakan lallaɓa lungun bayan ƙofa ya shimfiɗa mayafinsa. Cikin 'yan kwanaki ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga, numfashi ya fara yi masa wuya. Nas ta ja Auta gefe ta gaya mata ba ɓoye-ɓoye: ruwa na taruwa a jikinsa, in ya ci gaba a haka zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Layin masu wankin safe kuma a cike yake, sai wani ya bar gurbi. Auta ta san yadda ake barin gurbi a wannan ɗaki, ta ji kunyar kanta da ta kama zuciyarta tana fata.

Ta kawo limamin masallacin da ke saman shagon kayan gini. Ya zauna ya yi bayani da ladabi, cewa mara lafiya na iya haɗa Azahar da La'asar, ko ya yi a zaune da nuni da kai. Baba ya saurara, ya yi godiya, ya sa aka ba shi shayi. Bayan ya fita ya ce, "Na san wannan tun ba a haife shi ba. Ni da nake tashin mutane su zo a kan lokaci, yau ni ne zan yi wa Ubangiji gyaɗa kai?"

Wankin da ya biyo baya Auta ta bar aiki ta zo ta zauna kusa da shi. Tsoro ya cika ta, haushinsa kuma ya fi tsoron. Da hasken taga ya fara canjawa ta ga hannunsa ya nufi maɓallin kiran nas, ta riƙe shi.

"Don Allah, Baba. Wata uku kawai. Rana za ta juyo, La'asar ta koma inda ka santa. In ka cire yau ba za ka kai ba."

Ya dube ta.

"Auta, kin yi sanyi nawa a garin nan?"

"Da yawa."

"Kina tashi daga aiki ƙarfe shida. To ke yaya kike yi da La'asarki?"

Shekara da shekaru takan tara su ne, Azahar, La'asar, Magariba, ta zubo su a jere da yamma kafin ta ɗora tukunya. Ba ta taɓa tunanin yana lura ba, alhali ɗakinsa na jikin nata.

"Kullum ina jin sallamarki sau uku a jere," ya ce a hankali. "Ni na ce ki yi karatu, ni na sa hannu kika taho. Sallata kaɗai ta rage a gidan nan da ake yi a kan lokaci, ita ma ki ce in kwantar da ita?"

Hawaye ya zubo mata. Ta saki hannunsa, ta miƙe, ta nufi famfon da ke bakin ƙofa ta naɗe hannun riga. Da ta dawo ta zare mayafinsa daga jikin kujera, ta shimfiɗa a ɗan filin da ke tsakanin injin da bango.

"Ina gabas?" ta tambaya.

Ya nuna mata da haɓa. Sannan ya janye hannunsa daga maɓallin, ya gyara zama yadda bututun ba zai lanƙwashe ba, ya ɗaga hannun da babu allura zuwa kunnensa. Da ta kai goshinta ƙasa, ta ji shi a samanta yana kabbara a hankali, muryar tana karyewa, injin na ta juya jininsa.