Jawabin Maraba a Layin Famfo

Mako uku ke nan ana cewa Atika ce ta toshe kwatar Layin Famfo. Tun da ita da mijinta Junaidu suka kama haya a nan Runjin Sambo, in ji mutane, ruwa ya daina wucewa, domin tana yin awara tana zubar da dusar waken a kwata. Malama Adawiyya ta ji zancen a bakin mutum biyar, kuma babu ko ɗaya da ya ce ya gani da idonsa.

Ita ke yin jawabin maraba a taron ƙungiyar unguwa tun da ta bar koyarwa. Ranar Asabar da hantsi Gazali, sakataren ƙungiya, ya kawo mata sunayen sababbin gidaje huɗu, da wata 'yar takarda daga shugaba, Alhaji Zulkifilu.

"Inna, Alhaji ya ce ki sa wagga magana ta Atika da kwata cikin jawabi. Jan kunne ne kawai."

"Jan kunne da suna a gaban jama'a? In na faɗa, kai za ka rubuta, ko?"

"Dole in rubuta."

"Rahoton kuma ya tafi ga mai unguwa, shi kuma ya kira mai gidan hayar. Kai ka ga dusar?"

"Kowa ya sani, Inna."

"Kowa ya san duniya a shimfiɗe take, sai da na yi shekara talatin ina gyara muku."

Da ya tafi, ta yafa mayafi ta nufi gidan Atika. Ta same ta tana tace wake, dusar kuma tare a cikin wani bokiti.

"Ina kike kai wannan, ɗiyata?"

"Mai tumaki ka zuwa ɗauka kullum, Inna. Wa ka zubar da abincin dabba?"

Malama ba ta ɗauki wannan hujja ba, don mai laifi ma yana da baki. Ta sa aka cika bokiti biyu da ruwa, ta kaɗa bular wanki a ciki, aka juye a kwatar ƙofar gidan. Ta bi shuɗin ruwan a hankali, tana dogara sanda. Ya wuce shagon tela, ya wuce famfo, ya wuce gida shida ba tare da ya tsaya ba. A na bakwai ya taru ya fara komawa baya. Ta duƙa da ƙyar ta zura sandar, ta ji abin da ta ji, ta miƙe.

Bayan la'asar aka taru a harabar Islamiyya, maza a benci, mata a tabarma ta gefe. Liman ya buɗe da addu'a, Gazali ya karanta rahoton zaman baya, sannan aka miƙa mata lasifika.

Ta yi sallama, ta gai da wakilin mai unguwa da shugaba da dattawa. Ta kira sababbin gida gida, kowa ya miƙe aka ga fuskarsa, ta haɗa shi da tsohon maƙwabcin da zai riƙa tambaya in abu ya shige masa duhu. Junaidu ya miƙe kansa a sunkuye.

"Ga yadda muke zaune," ta ce. "Famfo ana buɗe shi bayan asuba da bayan la'asar. Mai kurar shara Litinin da Alhamis yake zuwa, kada a ajiye masa tun Lahadi, awaki ba su san ranaku ba. Baƙon da zai kwana fiye da uku, a sanar da 'yan sintiri. Mai biki ya faɗa tun da mako kafin ya kafa rumfa a layi. Rasuwa kuwa ba ta da sanarwa, ku buga kowace ƙofa, za a buɗe. Ku ba Gazali lambarku ya sa ku a zauren waya, amma ban da turo tallan maganin basir."

Aka yi dariya, har Atika ta ɗan ɗago.

"Asabar ɗin ƙarshen wata yasar kwata ce, kowane gida mutum ɗaya da shebur. Mun yi murna da zuwanku. Allah ya sa mu amfani juna."

Ta naɗe takardarta. Alhaji Zulkifilu ya yi gyaran murya.

"Malama, da saura. Batun wanda ya toshe muna kwata."

"Ranka ya daɗe, na so mu yi shi mu biyu bayan taro."

"A'a, a yi shi nan. Ba mu ɓoye ma jama'a komai. Gazali, rubuta."

Gazali ya gyara biro. Malama ta sake ɗaga lasifikar.

"Yau na zuba ruwan bula a ƙofar Junaidu, na bi shi. Ya wuce gida shida lafiya. Ya tsaya a ƙofarka, Alhaji, ƙarƙashin dakalin da aka zuba wa motarka watan jiya. Magina sun bar katakon da suka tare siminti a ciki, ba su cire ba."