Tankin Jaki, Injin Wani

Bakanike yana durƙushe, hannu dumu-dumu da baƙin mai, ƙanwarsa Auta ta shigo gareji ta miƙo masa waya.

"Yaya, dubo mana wannan. Dogo ya ce sai ka yarda zai saya."

Dogo mijinta ne. Shekara guda ke nan ba shi da aikin yi, sai yanzu wani ofishin kai saƙo ya ce ya zo ran Litinin, amma da babur ɗinsa. Auta ta sa keken ɗinkinta a kasuwa don a saya masa.

Bakanike bai ko goge hannu ba. Ya ɗaga kai, ya kalli hoton babur ɗin da ke wayar, ya ga jan tanki da doguwar kujera da kariyar ɗora kaya a baya.

"Jaki ne," in ji shi. Haka masu kai saƙo ke kiran samfurin, don ba ya gajiya kuma ba ya shan mai. "Ku saya. Wannan ko Dogo da ragwancinsa ba zai iya kashe shi ba."

Ta yi dariya, ta tura masa hoton a wayarsa, ta fita da sauri.

Shekara ashirin da biyar yana gyaran babur, kullum yana yi wa mutane faɗa cewa tanki riga ce kawai, inji ake dubawa. Ran nan shi da kansa riga ya duba.

Sai washegari da rana, ya wanke hannu ya zauna cin abinci, ya buɗe hoton. Ya ja shi da yatsu biyu har injin ya cika fuskar wayar. Ya ajiye lomar da ke hannunsa.

Kan injin a baje yake, ba murfin bawul. Fulogi a tsaye cak a tsakiyar kai, alhali na Jaki daga gefe yake shiga. Salansar fitar da hayaƙi kuma ta kumbura a tsakiya kamar macijin da ya haɗiye ɓera. Tanki na Jaki ne, kujera ma haka. Amma wannan tsohon samfurin nan ne mai ƙona baƙin mai tare da fetur, wanda ake ce wa Mai-hayaƙi. An dai yi masa kwalliya ne.

Ya san halinsa sarai. A buɗaɗɗen titi yana da gudu. Amma kai saƙo ba gudu ba ne, tsayawa ne da tashi sau arba'in a wuni, cikin cunkoso. A nan fulogi zai riƙa toshewa, fetur ya riƙa zurarewa, ringin cikin inji ya cinye da wuri, kayan gyaransa kuwa sai an sha yawo. Ofishin ma ba ya karɓar babur mai hayaƙi, tunda abinci da magani ake ɗauka.

Ya kira Dogo, ba a ɗauka ba. Ya bar abincin ya nufi gidansu.

Tun daga bakin layi ya ji ƙarar, siririya mai kaifi, ya kuma ga shuɗin hayaƙi. Dogo na zaune a kan babur yana murza shi, baki har kunne. Auta na tsaye a bakin ƙofa.

"Babban yaya! Ka ji murya?" in ji Dogo.

"Kashe shi."

Dogo ya kashe.

"Ina wanda ya sayar maka?"

"Matafiyi ne, tun jiya ya wuce. Lafiya?"

Bakanike zai iya yin shiru, ya bar ofishin ya faɗa musu ran Litinin, a ɗora wa mai sayarwa laifin duka. Tunanin ya zo masa, kuma ya ɗan jima kafin ya kore shi. Ya tsuguna, ya ɗora yatsa a kan fulogin.

"Ba Jaki ba ne. Ba za su karɓe shi ba. Ko sun karɓa, abin da ka samo a wuni shi zai shanye."

"Amma kai ka ce..." in ji Dogo.

"Ni na ce. Tanki na kalla, ban kalli inji ba."

"To a sa masa injin Jaki mana!"

"Ba zai zauna ba sai an yanka an yi walda, lambar inji kuma ta saɓa da takarda. Kuɗin ma ya kusa na wani babur ɗin."

Dogo ya sauka a hankali, ya tsaya yana kallon jan tankin. Auta ba ta yi kuka ba. Da ta yi, da ya fi masa sauƙi.

"Yaya," ta ce, "minti nawa zai ɗauke ka ka goge hannunka?"

Ta juya ta shige ɗaki. Kafin labule ya rufe, ya hango kusurwar da ke ƙarƙashin taga, inda keken ɗinkin ya shekara tara. Ba komai a wurin sai tabo huɗu na tsatsa a kan siminti.