Cikon Kuɗin Rago

Ragon nawa ne, ni na kiwata shi tun yana ɗan yaye, amma Kawu Bawa ne ya yi ciniki, don ni ba na iya ɗaga ido gaban baƙo. Malam Mudassir, mai sayen dabbobi daga Tasawa, ya saye shi jika tamanin na sefa. Ya ba da jika ashirin kafin alƙalami, ya ce in ci gaba da riƙe mishi ragon har ya samu mota, abin da ya ci daga ranar nan a wuyanshi yake.

Bayan an ɗauki ragon sai ya aiko kuɗi ta ajans, ofishin aika kuɗi na Tasawa. Kawu ya hau kabu-kabu daga garinmu Hawandawaki ya je ya amso. Da na ƙirga na ga jika tamanin cif. Sittin ya kamata ya aiko. Ya manta da ashirin ɗin farko.

Na roƙi Kawu ya kira shi. Ina ji ya ce, "Ashirin ɗinka na nan, ko dala ba ta ɓace ba." Na yi ta yi mishi alama da hannu saboda kuɗin abincin rago, ya juya mini baya.

Ran kasuwa Malam Mudassir ya zo. Na ba Kawu jika goma sha shida, na maimaita mishi lissafin har ya ce na ishe shi. Na laɓe bayan katangar zaure.

"Bawa, ashirin ka ce mini," in ji Malam Mudassir. "Ina huɗu?"

"Ai rago ya ci abinci. Ga igiya. Ga kabu-kabuna zuwa Tasawa, ka san tsadar man esansi. Na kuma yini a layi, ko shayi ban sha ba. In za a bi gaskiya ma, sha biyu za ka amsa."

"To shayin da ba ka sha ba ma ni zan biya?"

"Wahala fa?"

"Jiya ashirin, ɗazu sha shida, yanzu sha biyu. In na ƙara zama ni za ku bi bashi. Ita mai ragon ce ta tsara haka?"

"Lissafinta ne," in ji Kawu.

Na ji kamar in ciji katanga. Malam Mudassir kaɗai ke zuwa har ƙofar gida ya sayi dabbata da daraja, ga wani ɗan rago ina kiwo don shi. In ya tafi da tunanin na cuce shi, ba zai dawo ba. Na taka har bakin zaure, na ga takalmanshi, na komo.

Sai na tuna lambarshi tana cikin talhona. Na shiga garken awaki na danna vokal, saƙon murya.

"Malam, ina wuni. Hamida ce. Kuɗin da ka ƙara jika ashirin ne. Daga ranar ciniki zuwa ranar da mota ta zo, rago ya ci dussa tiya goma, kowace dala hamsin, jika biyu da rabi ke nan. Harawa dami uku, kowane dala ɗari, jika ɗaya da rabi. Duka jika huɗu, shi na cire yadda ka ce. Saura sha shida. Abin da ya ci kafin ciniki nawa ne. Kuɗin kabu-kabu ban sa ba, don ko sittin ka aiko dole a je a amso. Igiya kyauta ce. Shayi kuma ban san zancenshi ba."

Na tura. Jim kaɗan na ji muryata tana tashi daga zaure, da kukan akuya a bayanta. Ya buɗe ta da ƙarfi, har maƙwabcinmu Danda ya tsaya saurare. Na rufe fuska da mayafi ko da yake ba mai ganina.

"Ai abin da nake gaya maka ke nan tun ɗazu," in ji Kawu.

Malam Mudassir bai kula shi ba. Na ji yana magana a hankali, irin ta mai riƙe da talho a baki. "Hamida, na ji, na amshi sha shida. Dussa dala hamsin ba ki tsawwala ba. Ɗan ragon nan kada ki sayar ma kowa. Ciniki kuma da ke zan yi, ko ta vokal ne."

Na gama jin shi ta katanga kafin saƙon ya shigo, don rezo ba ya kamawa sosai a garke.

Da ya tafi, Kawu ya leƙo ya ce, "To ni wa zai biya ni kabu-kabuna?"

Na kwance bakin zane na ƙirga mishi.