Akwatin Malamin Tarihi

A taron malamai, mataimakiyar shugaba ta manna zanen sakamakon jarrabawa a allo, kowane aji da akwatinsa. Ta ce akwatin yana ɗauke da rabin ɗaliban da ke tsakiya, layin cikinsa makin ɗalibin tsakiya ne, layukan da suka fito sama da ƙasa kamar gashin baki kuma sun kai ga maki mafi girma da mafi ƙanƙanta.

Malamin tarihi ya ga nasa ɗan gajere kamar akwatin ashana, na malamar lissafi kuwa ya miƙe kamar tabarma. Sai ya gyara zama, ya yi gyaran murya.

"Kun gani ko? Ni ajina kansu a haɗe yake, ba na barin kowa a baya. Malama, naki kuwa kowa ya kama gabansa."

Shugaba ya jinjina kai, har ya fara maganar lambar yabo.

Malamar lissafi ta tashi, ta ɗora rula a ƙasan akwatinta ta miƙa ta har kan nasa. Akwatinsa da gashin bakinsa duk suna ƙarƙashin rular.

"Gaskiya ne, Malam, ba ka bar kowa a baya ba," in ji ta. "Gaba ɗaya kuka zauna a can."