Gaisuwar Jikan Inna Saude

Ranar da aka ce jikanta na Fatakwal zai zo Roni, Inna Saude ta sa an share tsakar gida sau biyu, ta kuma ce an yi sharar banza. Kowa a gidan ya san ba shara ce ke damunta ba.

Yaron, Ukasha, ɗan Muhammadu Lawal ne, ɗanta na fari, wanda neman abinci ya kai shi kudu, ya yi aure can, ya rasu can. Ita kuwa Inna Bafillatana ce ta gaske, mai kunyar ɗan fari. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai “wancan”. In ya zo gida da salla ya durƙusa daga bakin ƙofa yana gaishe ta, sai ta kau da kai ta amsa a taƙaice, ranta kuwa kamar ta jawo shi jikinta. Haka ta ga iyayenta sun yi a rugarsu ta bayan duwatsu, lokacin da gaisuwar safe kaɗai kan cinye hantsi, a tambayi mutane, a tambayi shanu, a tambayi ruwa. Tana kewar zamanin nan ƙwarai. Amma abin da zamanin ya hana ta yi wa ɗanta, shi ke ci mata rai har yau.

To ga ɗansa, saurayi, hidimar ƙasa ta kawo shi Kazaure, gobe kuma zai koma kudu. Tsoronta ɗaya, kada ya zo baƙo ya tafi baƙo.

Bayan azahar gwaggonsa Bahijja ta shigo da shi. Kai, an dai yi wa yaron nan bita! Tun daga zaure ya tuɓe takalmi. Ya yi sallama, ya zube nesa da tabarma, ya sunkuyar da kai, hannu ko da wasa bai miƙa ba. Ya ce ina wuni, ya tambayi gajiya, ya tambayi jiki, ya tambayi mutanen gida, da Hausarsa mai ɗan tauri. Inna ta amsa ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi hanya, ta tambayi mahaifiyarsa. Abin ya yi mata daɗi, don haka ya kamata. Wanda bai taɓa ganin babba ba, da cikakkiyar gaisuwa yake farawa. Da ya faɗo mata da “ya kike” irin ta 'yan waya, da ta ce uban bai yi tarbiyya ba. Sassautawa kuwa aikin babba ne, shi zai buɗe ƙofa.

Nan fa gizo ke saƙar, don Inna ta kasa. Ƙeyar da ta gani a sunkuye ta ubansa ce sak, sai tsohuwar kunya ta taso ta kama mata baki. Ta kau da kai. Shi kuma da ya ji shiru sai ya sake ɗauko gaisuwar daga farko, har da ranki ya daɗe, kamar wanda ya zo gaban hakimi. Aka kawo fura ya kurɓa kaɗan. Bahijja ta yi ta jan hira, hirar na faɗuwa. Can ya gyara murya ya ce zai koma, kada mai babur ɗin da ya kawo shi ya gaji da jira, Allah ya ƙara lafiya.

Ya kai bakin ƙofa sannan Inna ta ce wa ranta, ke Saude, wannan fa jika ne, wa ya taɓa jin kunyar jika?

“Kai mai dogon wuya,” ta ce, “dawo nan. Haka ake zuwa wajen mata hannu rabbana, ko goro babu? Miji ne wannan, Bahijja? Ni na fasa.”

Ukasha ya tsaya cak. Ya dubi gwaggonsa a tsorace, yana zaton laifi ya yi. Bahijja ta raɗa masa cewa wasan kaka da jika ne, ya rama, in bai rama ba ya ba da maza. Sannan ya ɗago, karo na farko ya dubi tsohuwar ido cikin ido.

“Ni ma na fasa,” ya ce. “Da me za ki ci goron? Haƙori biyu nake gani.”

Inna ta kwashe da dariya har tari ya sarƙe ta, ta ce uku ne, ɗan nema, zo ka ƙirga. Ya matso, ya hau tabarmar da ɗazu ya ƙi kusanta. Ta kamo hannunsa da nata biyu, ta shafa kansa, ta shafa kunnuwansa, dariyar ta koma hawaye ba ta damu ta ɓoye ba.

Bahijja ta leƙa waje ta sallami mai babur. Da ta dawo ta tarar Inna na riƙe da hannun har yanzu, tana tambayarsa a hankali ko ubansa yakan yi zancenta.