An Cinye Mini Gyara Biyu

Ni ce mai masana'antar katifa da ke bayan tashar manyan motoci, ni ake kira Uwar Katifa. Da keken ɗinki ɗaya da wuƙar yanka soso na fara, yau ma'aikata suna cin abinci a ƙarƙashina. Ban yi makaranta ba, ba na karanta komai, don haka wayar kasuwa tana hannun ɗan ƙanena, wanda na rena na kuma biya wa kuɗin karatu. Tun da ya sayo wata jaka mai zik uku ma'aikata suka sa masa suna Manaja.

Shi ya kawo shawarar a yi mana bidiyon talla, don masu otal da masu asibiti yanzu sai sun gani a waya kafin su taka ƙafa. Na yarda. Ya kawo wata mai bidiyo, doguwar mace marar yawan magana, muna kiranta Doguwa. Muka zauna a kan tulin soso ta faɗa mini sharaɗinta dalla-dalla. Bidiyo ɗaya na minti ɗaya, ɗauka ta yini guda a cikin masana'antar. Rabin kuɗi kafin ta kunna kyamara, ciko idan na ce na gamsu. Gyara sau biyu yana cikin kuɗin, wanda ya wuce haka kowanne da farashinsa. Kuma duk abin da za ta riƙa turowa a duba zai zo da tambarinta kwance a tsakiya, ba za ta cire ba sai ciko ya shiga hannunta. Na ce wannan ciniki ne na masu hankali. Na kwance kuɗi na ba ta rabi, na dangwala yatsa a takardarta.

Ranar ɗauka ta bi ni ko'ina. Ta ɗauke ni ina yanka soso, ina danna katifa da gwiwa, ina faɗin yadda ake gane soson da zai lotsa. Daga nan sai shiru. Duk lokacin da na tambayi Manaja sai ya ce, “Ana kan aiki, Gwaggo.”

Wata safiya ya shigo yana fara'a, ya miƙo mini waya, ya ce an gama, saura ciko. Na zauna na kalla. Wata farar mata ce da ban taɓa gani ba take miƙa a kan wani gado da ba nawa ba, labule na kaɗawa. Wata murya mai santsi kamar ta masu sanarwa a filin jirgi tana cewa barci mai daɗi. Sai ga Manaja cikin kwat, ya harɗe hannu a gaban injina, da rubutu a ƙasansa. Na kira mai yankan yadi na ce ya karanta mini. Ya yi ta soshe-soshen ƙeya, sannan ya ce an rubuta shugaban kamfani.

Na sake kallo ko na ga kaina. Na ga gefen zanena sau ɗaya, yana wucewa.

Na mayar wa Manaja da wayar. Na ɗauki mayafina na sa direban motar kaya ya kai ni ofishin Doguwa. Ɗaki ne a saman wani shagon gyaran waya, matakalarsa ta kusa kashe mini gwiwa. Na same ta a gaban kwamfuta mai fuska biyu, abin sauraro a kunne, kofin shayi ya huce a gefe. Ta miƙe da murna tana cewa, “Mama, sannu da zuwa, kin gani?”

“Na ga wata ƙatuwa tana barci da kuɗina. Ina ni?”

Murnar ta ɗauke. Ta ce ai abin da muka nema ta yi. A gyaran farko an ce a cire ni a sa hoton farar matar nan, irin wanda ake saya a intanet, a kuma canza murya. A gyara na biyu an ce a sa Manaja da muƙaminsa, har ya zo ta ɗauke shi daban. Gyara biyu sun cika. Idan ina son na uku sai na biya, kuma ciko ya riga ya zama haƙƙinta.

Na ce mata ni ban taɓa ganin bidiyon nan ba sai yau, balle in yi gyara. Na tambaye ta yatsan wa ke jikin takardarta, kuɗin wa ta karɓa. Ta jawo wayarta ta kunna mini saƙon murya. Muryar ɗan ƙanena ce, tana cewa Gwaggo ta kalla, Gwaggo ta ce ba ta son fuskarta ta fito, Gwaggo ta ce muryarta ta yi kaushi. Saƙo bayan saƙo, duk da sunana ya yi ta sayen abin da ransa ke so.

Na ce ta kira shi. Ya zo da jakarsa, da ya gan ni zaune sai ya tsaya a bakin ƙofa. Ya fara bayani wai masu otal mutane ne wayayyu, wai talla tana son tsabta, wai don amfanin kasuwa ya yi.

“Wato ni ce dattin,” na ce.

“Ba haka nake nufi ba, Gwaggo.”

“Da wannan kausasshiyar muryar na yi cinikin da ya biya maka makaranta. Zauna.”

Ya zauna a kan akwatin kyamara, Doguwa ta ce ya tashi daga nan, ya koma kan benci.

Doguwa ba ta yi mini sanyi ba, kuma na girmama ta don haka. Ta ce ta yi aikin, ta kwana biyu tana yankewa tana haɗawa, ta sayi hoton matar nan da kuɗinta, ta biya mai murya, wani dole ya ɗauki wannan nauyin. Na ce gaskiya ne, amma ba ni ba. Na ce idan mutum ya ba ni aikin katifa, wani ya zo ya ce mai ita ya ce a rage tsawonta, ba na sa wuƙa sai na ji daga bakin mai ita. Ta ce a takardarmu ba mu faɗi wanda zai riƙa ba da gyara ba, lambar da aka ba ta kuma ta Manaja ce. Na ce wayar da ke ofis tawa ce, bakin da ke jikinta ne ba nawa ba, kuma da ta ji an ce mace ta biya kuɗi don a goge ta daga nata bidiyon, ya kamata ta hau mota ta zo ta tambaya. Nan ta sunkuyar da kai. Ta ce abin ya ɗaure mata kai tun farko, don ɗaukar da ta yi mini ita ce mafi kyau a aikin gaba ɗaya.

Muka daɗe muna ja. A ƙarshe ta yafe gyara ɗaya, don ba ta tabbatar daga bakina ba. Na biyun, da kuɗin farar matar, da na mai murya, da ɗaukar kwat, suka hau kan Manaja, za a riƙa cira daga albashinsa. Ya buɗe baki, na dube shi, ya rufe. Gyarana biyu suka dawo mini cif.

Sannan muka sake ɗaure ciniki, wannan karon ba rami. Baki ɗaya ne ke ba da gyara, nawa. Ba ta waya ba, za ta zo da kwamfutarta masana'anta mu kalla tare. Ita ma ta kafa nata: in tara duk abin da nake so in faɗa a zama ɗaya, ba yau ɗaya gobe ɗaya ba, in kuma ba ta amsa cikin mako. Na ce tunda haka ne a ƙara sabon injin ɗinkin da na kawo bayan ta tafi. Ta ce wannan ba gyara ba ne, sabuwar ɗauka ce, sai ta dawo da kyamara da fitilu, da kuɗinta daban. Na ji farashin na ce injin ya yi haƙuri. Na nemi ta ba ni duk abin da ta ɗauka tun safe har yamma, don kada wani ya sake yi mini wasa da fuska. Ta ce wannan ba ya cikin cinikinmu, bidiyon minti ɗaya na saya. Na yi faɗa, na buga benci, ba ta motsa ba. Wannan kam ta ci ni. Ta rubuta sabon sharaɗin, ta karanta mini da ƙarfi, na sa direbana ya sake karantawa, sannan na dangwala.

Da ta zo da sabon haɗin na tara ma'aikata aka kashe injuna. Ga ni nan, da tabon gam a zanena, ina hawa katifa da gwiwa biyu ina sauka, soson yana tashi tsaf. Ga muryata tana cewa katifar da ta ji tsoron nauyina ba ta fita ƙofar nan. Na faɗi gyarana duka a zama ɗaya kamar yadda muka yi: a rage kiɗan yana danne magana, a ƙara girman lambar waya, a bar ta ta daɗe don masu irin idona. Akwai wurin da nake yi wa mai ɗinki tsawa a kan kabu mai sako-sako, ina farke shi da hannu. Doguwa ta ce ta gajarta shi don kada ya yi zafi. Na ce ta mayar da shi yadda yake. Mai ɗinkin da kansa ya ce a bar shi, ko ba komai matarsa za ta gan shi a waya.

Ta dawo da shi an gyara, babu abin da zan ce. Ta tuna mini cewa saura gyara ɗaya, kuma da zarar na ce na gamsu ya ƙone, ba a ajiye shi. Na ce ni ba na barin abin da na biya. Na tambaye ta ko a cikin ɗaukarta akwai Manaja ba tare da kwat ba. Ta yi ta nema, can ta samo shi ranar ɗauka, an rasa masu lodi, ya ɗora katifa mai mutum biyu a ka yana tangaɗi zuwa mota, gumi ya jiƙa masa riga.

“Sa wannan,” na ce. “Yaron gida ne, kada a ce na cire shi.”

“Da rubutu a ƙasa, Mama?”

“A'a. Kowa zai ga aikinsa.”

Ranar ƙarshe na ajiye ciko a kan teburin yanka, ta ƙirga, ta danna abin da za ta danna, tambarinta ya ɓace daga kan fuskata. Na sa Manaja ya tura wa masu otal ɗin nan nasa wayayyu ɗaya bayan ɗaya, ina tsaye a kansa, yana kiran sunan kowanne ina cewa tura.